An tura ƙanena a duba ƙwaƙwalwarsa kafin shari'a, me likita zai rubuta?

"Assalamu alaikum likita. Ƙanena yana da sikizofireniya, shekara biyar yana karɓar magani, sai ya daina sha, ya ji wa maƙwabcinmu ciwo aka kama shi. Yanzu alƙali ya ce a kai shi asibiti likita ya rubuto rahoto ko zai iya tsayawa shari'a. Wani ya ce mana in dai rahoton ya nuna yana da taɓin hankali to shikenan sakinsa za a yi. Don Allah gaskiya ne? Kuma me likitan zai duba? Ni yayarsa ce, muna Kaduna."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba wanda aka ji wa ciwon lafiya shi ma. Maganar da aka faɗa muku ba haka take ba, kuma gara ki ji tun yanzu, don na ga iyalai da yawa sun ɗora rai a kanta har suka saki abin da ya kamata su riƙe. Rahoton nan ba takardar sallama ba ce. Tambaya ɗaya alƙali ya aiko a amsa masa, wato yau ɗin nan, a halin da yaron yake ciki, zai iya gane abin da ake yi a kotu kuma ya kare kansa ko ba zai iya ba. Sunan ciwon shi kaɗai bai amsa wannan ba. Akwai masu sikizofireniya da yawa da za su zauna a kotu su bi komai tiryan-tiryan, su gyara wa shaida magana ma in ya yi kuskure, akwai kuma wanda ba zai iya haɗa jimla biyu da lauyansa ba. Har mutum ɗaya ma, a watan azumi yana iya kasawa, zuwa babbar salla ya iya, in an ɗora shi a kan magani.

Abin da yake rikita mutane, har da wasu ƙananan lauyoyi, shi ne tambayoyi biyu ne masu kama da juna amma kowacce da lokacinta. Ta farko ita ce wadda aka turo ƙanenki a kanta, halin da yake ciki yanzu. Ta biyu ita ce halin da yake ciki ranar da abin ya faru, shin a lokacin ya san me yake aikatawa, ya san laifi ne ko ya saɓa doka. Wannan ta biyun ita ce kariyar taɓin hankali, wadda a tsohuwar dokar final kod ta Arewa take sashe na 51, kuma sai an shiga shari'a ake kawo ta, nauyin tabbatar da ita kuma a wuyan wanda ake tuhuma yake, domin doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne sai an nuna akasin haka. To kin ga in rahoto ya ce ba zai iya tsayawa ba, ba a ma kai ga ta biyun ba, shari'ar ce ake dakatarwa, tuhumar tana nan daram tana jiransa.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 278, ta ce in kotu ta yi shakkar hankalin wanda ake tuhuma sai ta sa a duba shi, tana iya tsare shi a wurin da ya dace har wata ɗaya likita ya sa masa ido, in likitan bai kai ga matsaya ba ya rubuto ya nemi ƙarin lokaci. Jihar Kaduna tana da tata dokar ta 2017, ita lauyanku zai buɗe in kotun jiha ce, tsarin dai kusan ɗaya ne. A nan garin yawanci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ake turawa. Ma'aunin da muke aunawa da shi kuwa ya samo asali ne daga wata tsohuwar shari'a ta Ingila, ta Pritchard a 1836, mutumin kurma ne ba ya magana, aka rasa yadda za a yi masa shari'a, daga nan aka fitar da abubuwan da dole wanda ake tuhuma ya iya. Ya gane tuhumar, ya iya amsa ta da sanin abin da amsar za ta jawo masa, ya iya bin abin da ake yi a zauren, ya fahimci shaidar da ake bayarwa a kansa har ya iya musanta ta, daga baya aka fayyace har da iya yi wa lauyansa bayani da ba da shaida da bakinsa.

Bari in ba ki labarin wani da na taɓa dubawa, na canza wasu abubuwa don kar a gane shi, a nan za ki ga yadda aikin yake a zahiri. Matashi ne ɗan shekara 27, tela ne, an tuhume shi da sarar wani mai shago kusa da nasa da almakashi a kafaɗa. Gandirobobi biyu suka kawo shi da takardar kotu. Abu na farko da na yi, kafin in tambaye shi ko da sunansa, na gaya masa da Hausa cewa yau ni ba likitansa na sirri ba ne, kotu ce ta aiko ni, duk abin da ya faɗa zai iya shiga takardar da alƙali da mai gabatar da ƙara za su karanta, kuma yana da damar ya yi shiru a kan abin da ba ya so ya faɗa. Na ce ya maimaita min abin da na ce da bakinsa. Ya maimaita daidai. Wannan gargaɗin dole ne a rubuta a rahoto cewa an yi shi, kuma yadda mutum ya maimaita shi ma gwaji ne na farko.

Na fara tambayarsa, me aka ce ka yi? Ya ce an ce na ji wa Alhaji ciwo. Waye alƙali? Ya ce mai yanke hukunci. Mai gabatar da ƙara fa? Ya ce shi ne na gwamnati mai son a ɗaure ni. In ka ce ka aikata me zai biyo baya? Ya ce ɗauri. In ka ce ba ka aikata ba? Ya ce sai su kawo shaidu. Wallahi da a nan na tsaya da na rubuta lafiyarsa ƙalau zai iya, kuma a nan rahotanni da yawa suke tsayawa, minti goma sha biyar an gama an buga hatimi. Matsalar ita ce sikizofireniya ba kasafai take goge wa mutum irin wannan sanin ba. Ya san aikin alƙali kamar yadda ya san yadda ake yanka wuyan riga. Inda take ɓata abu shi ne wurin da zai ɗauki sanin ya ɗora a kan tasa shari'ar.

Sai na ce masa, to lauyanka da ya zo wurinka me ka gaya masa? Ya yi murmushi ya ce babu buƙata. Na ce saboda me? Ya ce ai alƙali ya riga ya ji komai, sandar sabis ɗin da ke bayan shagonsu tana ɗauke tunaninsa tana watsawa, duk abin da ya saƙa a ransa ana ji a kotu kai tsaye, shi kuma lauyan, Alhajin ne da kansa ya zo da wata fuskar, ya gane shi ta yadda ya riƙe biro. Na ce in aka kawo shaida ya yi maka ƙarya za ka gaya wa wa? Ya ce ba zan gaya wa kowa ba, zan yi tunaninsa kawai alƙali zai ji. Muna cikin haka sau uku yana tsayawa tsakiyar magana ya karkata kai gefe kamar mai sauraron rediyo a ɗakin maƙwabta, leɓensa yana motsi, in ya dawo ya manta tambayar.

Kin ga wannan ya san tuhuma, ya san mutanen kotu, amma ba zai iya yi wa lauya bayani ba, ba zai iya musanta shaida ba, kuma ba zai iya riƙe zaren magana na minti goma ba. Kuma abin lura, ba ƙin lauyan ne ya sa na ce ya kasa ba. Mutane da yawa masu cikakken hankali ba su yarda da lauyan da aka ba su kyauta ba, wani ma da dalilinsa mai kyau. Abin da nake nema shi ne daga ina ƙin ya fito. In ya ce lauyan bai zo ya gan ni ba sai sau ɗaya, wannan ƙorafi ne na mai hankali. In ya ce lauyan shi ne wanda na sara ya canza fuska, to ciwo ne yake magana, kuma ko an canza masa lauya goma na sha ɗayan ma zai shiga cikin labarin.

Akwai wani wuri da nake taka-tsantsan sosai a ƙasar nan tamu, maganar aljanu da sammu. In mutum ya ce min an yi masa asiri ne shi ya sa rayuwarsa ta lalace, ba na rubuta shi a matsayin alamar ciwo haka kawai, don mahaifiyarsa ma haka ta yi imani, rabin unguwarsu ma haka. Abin da nake yi shi ne in kira ɗan uwansa in tambaye shi, wannan maganar da yake yi ku ma kun ɗauke ta haka? Yayan telan nan da na tambaya ya ce likita mu ma mun yi zaton sammu ne har ruƙiyya mun kai shi, amma maganar sandar sabis da lauya ɗin nan kam mu ma mun san ba daidai ba ce. Shikenan ya raba min. Shi ya sa nake cewa wanda zai yi wannan gwajin ya kamata ya ji harshen mutumin da kansa, in ba ya ji a samo tafinta wanda ba ɗan uwa ba, kuma a rubuta a rahoto da wane harshe aka yi hirar. Rahoton da Turanci ake rubuta shi, amma ni ina saka kalmomin mutumin yadda ya faɗe su da Hausa sannan in fassara, saboda tafinta mai kirki yakan gyara magana ba da niyya ba, ya ɗauki zance a warwatse ya miƙo shi a tsare, alhali warwatsewar ita ce alamar da muke nema.

Ba a zama ɗaya ake yanke wannan ba. Telan nan mun kwantar da shi, na gan shi sau huɗu cikin sati uku, amma abin da ya fi min amfani shi ne rubutun nas-nas na dare. Mutum zai iya shirya fuska na awa ɗaya a gaban likita, ba zai iya riƙe ta awa ashirin da huɗu har tsawon sati uku ba. Sun rubuta cewa ƙarfe biyun dare yana zaune yana magana shi kaɗai ƙasa-ƙasa, yana naɗe kansa da bargo har da hula biyu wai don ya tare sabis. An yi gwajin fitsari na ƙwayoyi ba a ga komai ba, an yi na jini, mun kuma nemo tsohon fayil ɗinsa da ya nuna an gano ciwon shekara huɗu kafin wannan rigimar. Gwajin ƙwaya yana da iyakarsa, in mutum ya yi wata biyu a tsare yawancin abin da ya sha ya bar jikinsa, to fitsari mai tsafta bai wanke tarihi ba, dole a tambayi iyali maganar wiwi da taramol da sauransu. Amma kuma in an raba mutum da ƙwaya wata da watanni alamun suna nan ba su ragu ba, ya yi wuya a ce ƙwaya ce kaɗai.

Na san akwai abin da ke ran mai gabatar da ƙara duk lokacin da aka kawo irin wannan, wato ƙarya yake yi. Ana samu, ba na musu. Mai kwaikwayo yawanci haukan fim yake yi, ya shigo yana fizge-fizge, ka tambaye shi ƙafar akuya nawa ya ce biyar, ka tambaye shi sunan mahaifiyarsa ya ce bai sani ba, duk alamar da ka ambata ya ce yana da ita har wadda babu ita a duniya. Mai ciwon gaske akasin haka ne sau da yawa, ɓoyewa yake, zai ce maka lafiyata ƙalau ku ne dai ba ku gane ba. Telan nan haushi ya ji da aka kawo shi asibitin, so yake a mayar da shi kotu a gama. Kuma rikicewar tunani da mutuwar fuska irin ta wannan ciwon, wato fuska ta daina nuna murna ko damuwa, suna da wuyar kwaikwaya na tsawon lokaci. Sai dai kuma mai ciwon gaske ma yana iya ƙara gishiri don tsoro, don haka kama mutum da ƙari ɗaya bai nuna lafiyayye ba ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba mai hayaniya ba ne, shiru-shirun nan ne. Akwai masu sikizofireniya da ciwon ya cinye musu kuzari da magana, ba ya faɗa ba ya zagi, duk abin da aka ce sai ya ce to. A karanta masa tuhuma a ce ka gane, ya ce e. Ka aikata, ya ce e. Kotu ta ga mutum mai ladabi, a yanke masa hukunci a wuce, babu wanda ya yi zargin komai. Irin wannan ba a yi masa tambayar e ko a'a, sai dai a ce faɗa min da bakinka me aka ce ka yi, ko in karanta masa ɗan guntun bayanin shaida in ce me mutumin nan ya ce, ina ne ya yi daidai ina ne bai yi ba. In ƙanenki irin wannan ne ki gaya wa lauya ya ja hankalin likita a kai.

Shi rahoton kansa, mai kyau ba ya wuce shafi kaɗan. Yana farawa da kotun da ta aiko, lambar ƙara, da ainihin tambayar da aka yi. Sai waye likitan da matsayinsa, sai ranakun da aka ga mutumin da takardun da aka karanta da waɗanda aka yi hira da su, da kuma abin da aka nema ba a samu ba, wannan ma a faɗa. Sai tarihi a taƙaice, sai abin da aka gani a gwajin hankali, sai sunan ciwon da dalilin sa masa sunan. Daga nan sai zuciyar rahoton, a ɗauki abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya a ce wannan ya iya ga hujja, wannan bai iya ba ga abin da ya faɗa. Na telan nan ƙarshensa in na mayar da Hausa kusan haka yake: a ra'ayina yana fama da sikizofireniya mai tashi a yanzu, ya fahimci tuhumar da matsayin mutanen kotu, amma saboda ya yi imani lauyansa shi ne mai ƙara, kuma kotu tana jin tunaninsa, ba zai iya ba lauya bayani ko ya musanta shaida ba, don haka a yanzu ba zai iya kare kansa ba, ciwon yana jin magani, ina ba da shawarar a ci gaba da yi masa magani a asibiti a sake duba shi bayan sati takwas.

Ki lura da kalmar a yanzu, da kuma ranar sake dubawa. Ni a wurina rahoton da ya ce ba zai iya ba ya yi shiru bai faɗi magani da ranar komawa ba, cutar da mutum ne. Ki kuma lura da abin da ban saka ba. Telan ya ba ni labarin yadda abin ya faru a shago, ban rubuta shi ba, na dai ce ya iya ko bai iya ba da labari a tsare ba. Ba a aiko ni in karɓi iƙirari ba, kuma mutumin da nake cewa ba zai iya kare kansa ba, ba daidai ba ne in ɗauki maganarsa in miƙa wa masu tuhumarsa. Haka kuma ban ce komai a kan hankalinsa ranar da abin ya faru ba tunda ba a tambaye ni ba. Hukunci na ƙarshe kuma na alƙali ne, dokar shaida ta 2011 a sashe na 68 ra'ayin ƙwararre ta kira rahoton likita, ana iya kiran likita kotu a rantsar da shi lauyoyi su yi masa tambayoyi, alƙali kuma yana kallon mutumin da idonsa.

Mun ɗora telan a kan maganin olanzafin miligiram 10 da dare, bayan sati biyu muka kai 15. Barci ne ya fara gyaruwa, sai muryoyin suka yi ƙasa, maganar lauya ita ta fi daɗewa. Wajen sati na bakwai na sake tambayarsa, ya sunkuyar da kai ya ce likita ina jin kunyar mutumin nan, don Allah a ce masa ya dawo. Na ce sandar fa? Ya ce wani lokacin har yanzu ina jin kamar ana magana in gari ya yi shiru, amma na san ciwon ne. Lauyan ya zo suka zauna kusan minti arba'in, ya fito ya ce min yau ne ya fara samun abin da zai rubuta. Na rubuta rahoto na biyu na ce yanzu zai iya. Yana nan da sikizofireniyarsa, yana ma jin muryoyi jefi-jefi, amma ba su shiga tsakaninsa da shari'arsa ba. Na ƙara da sharuɗɗa, kar a yanke masa magani ko na kwana ɗaya, a riƙa ba shi ɗan hutu bayan kowane minti talatin zuwa arba'in, a yi masa tambaya gajera ɗaya-ɗaya da Hausa, kuma in zai yiwu kar a kira ƙararsa da sassafe don maganin yana barinsa da nauyin barci. Na kuma rubuta cewa in an ɗage shari'ar ta yi watanni, ko maganin ya yanke, a sake duba shi, don ra'ayin nan na wannan ranar ne.

Ba kowa ne ke dawowa cikin sati bakwai ba. Ƙa'idar ita ce a ba magani sati huɗu zuwa shida a cikakken awo kafin a ce bai yi ba, in an gwada kala biyu haka ba su yi ba sai a fara maganar kulozafin, shi kuma yana buƙatar gwajin jini akai-akai, abin da ke da wuya ga wanda ke tsare. Akwai kuma 'yan kaɗan da ba sa dawowa yadda za su iya, likita ya faɗi haka ƙarara in ya gani. Wani lokacin kuma maganin ne da kansa yake kayar da mutum, musamman tsofaffin nan irin su halofiridol da lagatil in an yi yawa, jiki ya sandare, yawu na zuba, harshe ya yi nauyi, a kotu a ga kamar ciwon ne ya ƙaru alhali awo ne ke son gyara.

Yanzu abin da ya sa na ce kar ku yi ta addu'ar rahoto ya ce ba zai iya ba kamar wata nasara. In aka ce haka, in laifin irin wanda ake ba da beli ne, kotu tana iya miƙa shi ga iyali da sharaɗin za su kula da shi, su hana shi cutar da kansa ko wani, su kawo shi duk ranar da aka nema. Wannan ita ce ƙofa mai kyau, ita lauyanku zai nema. In ba a samu haka ba tsare shi za a ci gaba da yi, kuma wannan tsarewar ba ta da ranar ƙarewa irin ta wanda aka yanke wa hukunci. Na taɓa ganin wani bawan Allah da aka ce ba zai iya ba, aka mayar da shi inda ake tsare da shi, magani ya ƙare, babu wanda ya sake neman fayil ɗinsa, ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Har yau abin yana damuna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta zo da maganar haƙƙin masu wannan lalura, amma a aikace wanda yake da ɗan uwa mai bibiya shi ne ake tunawa da shi.

To ga abin da ke hannunki Hajiya. Ki tattaro katin asibitinsa mai lambar fayil, tsofaffin takardun magani, har kwalayen da suka ƙare in suna nan, shekara biyar ɗin nan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa ciwon ya riga rigimar. Ki zauna da wanda ya fi kusa da shi ku rubuta a takarda yaushe ya daina shan magani, me ya sa, kuɗi ne ko nauyin jiki ne ko shi ya ce ya warke, yaushe barcinsa ya lalace, me ya fara faɗa a kan maƙwabcin kafin ranar. Ki nemi ganin likitan ta hannun lauya ko ma'aikacin walwala na asibitin, ki faɗi gaskiya har abin da ba shi da daɗin faɗa, in yana shan wani abu ki faɗa, don in likita ya gano daga baya sauran maganarku ma za ta yi rauni. Kuma don Allah kar kowa ya koya masa abin da zai ce ko ya ce masa ya ƙara nuna hauka, ana ganewa, kuma in aka rubuta yana ƙari, kalmar nan za ta bi shi har ranar da za a zo maganar hankalinsa lokacin da abin ya faru, ranar da ya fi buƙatar a yarda da shi.

Tunda daina shan magani ne ya kawo wannan, ki tambayi likitan maganar allurar wata, irin su modiket da ake yi duk sati biyu zuwa huɗu, ko wata sabuwa in aljihu zai ɗauka. Tana sauƙaƙa wa wanda ke tsare, kuma alƙali ya fi sakin jiki ya ba iyali mutum in ya ga akwai kati da ake sa hannu duk ranar allura. In rahoton ya fito ki sa lauya ya karɓi kwafi ya karanta miki shi layi-layi, ku duba an faɗi maganin da za a ba shi, a ina, da ranar sake dubawa. In babu ranar, lauya ya roƙi kotu ta sa ta a cikin umarninta kafin a tashi daga zaman.